Kurakuran da malamai suka fi yi a jawabin daren buɗe kulob ɗin kallon wata

Malaman kimiyya na makarantun ƙauye, musamman ku na kwana da kuka samu madubin hangen nesa kuna shirin buɗe kulob ɗin taurari, ga abubuwan da na ga suna ɓata daren farko. Yawanci ba madubin ne matsala ba, jawabin ne. Malam ya tashi ya yi wa yara alƙawarin ganin ramukan da ke jikin wata, su zo su leƙa su ga farin faifai kawai yana kashe musu ido, shi kenan sati mai zuwa ba ka ganin kowa.

Babban kuskure tun kafin a rubuta jawabin ake yin shi, wato sa rana. Kowa cewa yake a bari sai dare sha huɗu, wata ya cika, ga farin wata tas. To wallahi wannan shi ne dare mafi muni na kallon ramuka. Abin da ke sa ido ya gane rami ai inuwa ce, kuma ran da wata ya cika hasken rana yana dukan fuskarsa ne kai tsaye daga bayanmu, babu inuwa ko ta kwabo, rami da tudu duk sun zama fari ɗaya. Ga shi kuma cikakken wata da magariba yake fitowa, lokacin taro yana nan ƙasa ƙasa a gabas cikin ƙura da hayaƙin girki. Gyaran mai sauƙi ne tunda mu dama da lissafin wata muka tashi: a sa taron tsakanin dare bakwai zuwa goma na watan Musulunci. A lokacin wata rabi ne ko ya ɗan ɗara, ana idar da magariba yana can sama, kuma ba ya faɗuwa sai tsakar dare ko bayanta. Layin nan da ya raba haske da duhu a jikinsa, nan ne rana take fitowa a can, inuwa dogaye dogaye, kowane rami ya fito raɗau da bakinsa da zurfinsa. Duk jawabinka a kan wannan layin zai tsaya.

Sai kuma a duba yanayi, watan Agusta hadari ne, Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe sama. Bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba da farkon Nuwamba, sama ta fi wankuwa. In hazon bai yi kauri ba wata yana ganuwa dai, amma kar ka cika baki a jawabi.

Na biyu tsawon jawabi, kuma nan ne muke da rauni gaskiya. A gaida Mai Gari, a gaida Liman, a gaida shugaban makaranta da mataimakansa biyu da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, sannan a shiga tarihin kimiyya tun daga Girka, minti arba'in ta wuce yara sun fara jifan juna da tsakuwa. Yi lissafi mana. Yara sittin, madubi ɗaya, kowa ya samu rabin minti, minti talatin ke nan, kuma ba a sa lokacin sake saiti da na wanda zai ce Malam ban ga komai ba. A zahiri awa guda ce. In an fara bayan isha'i, ƙarfe takwas da wani abu, kana so ka sallami yara kafin goma, balle in jeka-ka-dawo ce akwai 'yan mata da iyaye ke jira. Saboda haka jawabi minti biyar ya isa, gaisuwar manya a dunƙule cikin jimla biyu, ba wanda zai ji haushi in aka ce Mai Gari ne zai fara leƙawa. Sauran bayanin ka riƙe shi, a bakin layi za ka riƙa yinsa kaɗan kaɗan lokacin da suke jira.

Na uku shi ne wanda na fi so mu daɗe a kai. Malam ya ce "za ku ga abin al'ajabi", ya tsaya nan. Yaron da bai taɓa sa ido a madubi ba bai san me zai nema ba, zai leƙa daƙiƙa uku ya ce ya gani don kar a yi masa dariya. Dole jawabin ya ba shi aiki: nemi layin haske da duhu, bi shi da ido, ƙirga zobba nawa ka gani, duba ko akwai mai ɗan tsauni a tsakiya. Kuma ka ba ramukan sunansu. Dare bakwai ko takwas, kusa da tsakiyar wata, akwai manya uku a jere, Ptolemaeus da Alphonsus da Arzachel, gefensu kuma ga Albategnius. Haka za ka gansu a rubuce a taswirar wata. Arzachel ɗin nan sunan Al-Zarƙali ne masanin taurari na Andalus, Albategnius kuma Al-Battani ne, wanda ya yi aikinsa a Raƙƙa ta Siriya ya rasu a 929. Faɗi wannan a gaban Liman ka ga yadda zai gyara zama. In taron ya kai dare tara ko goma, Copernicus ne sarkin dare, faɗinsa kilomita 93, zurfinsa ya kusa kilomita 4. Kar ka bar lambar haka tsirara, ce musu daga wannan bakin zuwa wancan kamar ka tashi daga Kano ka je Wudil ka dawo ne, nan take za ka ji "kai!" daga baya.

Amma ka tabbata ka leƙa da kanka daren jiya kafin taron, ka ga inda layin yake, domin kullum yana matsawa. Ramin da ke cikin duhu yau gobe ya fito. Kar ka ambaci Copernicus a dare bakwai, rana ba ta fito masa ba tukun.

Akwai kuma kuskuren zuzutawa. Wani ya ce za a ga tutar da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka kafa a 1969. Ba za a gani ba, watan yana nesa da mu kusan kilomita 384,400, ƙaramin madubin makaranta iyakarsa abu mai faɗin kilomitoci, ko manyan madubai na duniya ba sa hango tuta. Wani ya ce baƙi baƙin nan na fuskar wata teku ne, to sunan teku aka sa musu tun da, amma babu ruwa, narkakken dutse ne da ya malala ya daskare. Ramukan kuma mafi yawansu duwatsu ne daga sararin sama suka faɗo da mugun gudu suka fashe a wurin, kuma tunda babu iska babu ruwan sama a can, ba abin da ke cike su da sauri, sai su zauna miliyoyin shekaru. Wannan bayanin ya isa, kar a ƙara masa gishiri.

Ga misalin yadda zan so a ji shi, a ce dare takwas ne:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai Gari, Allah gafarta Malam Liman, shugaban makaranta da iyayenmu da malamai, mun gode da kuka tako. Ɗalibai, ku ɗaga kai. Kun ga rabi haske rabi duhu ko? Layin da ke tsakani shi muka zo kallo. A can wurin yanzu gari ke wayewa, shi ya sa inuwa take da tsawo. In ka sa ido, nemi layin nan, za ka ga zobba uku a jere, na ƙarshe mai ɗan tsauni a ciki sunansa Arzachel, sunan wani malami Musulmi ne na Andalus. Ramuka ne da duwatsu suka haƙa da suka faɗo daga sama. A 1609 Galileo ya kalli watan nan da madubin da bai kai namu kyau ba, ya zana abin da ya gani, ku ma kowa zai zana nasa in ya gama. Doka uku ce: ido kawai ake sawa ban da hannu, kar ƙafa ta taɓa ƙafar madubi, wanda bai ga komai ba ya faɗa, ba abin kunya ba ne, saiti ne ya goce. Kuma har abada ba a kallon rana da wannan abin, makanta ce nan take. Ranka ya daɗe, bismillah, kai za ka buɗe mana."

Ko minti uku bai kai ba, kuma ba abin da aka bari.

Maganar saiti ya goce ɗin nan da gangan na sa ta, don kuskure ne da ke kunyata malami bayan jawabi mai daɗi. Duniya na juyawa, wata yana matsawa kimanin faɗin kansa duk minti biyu, in ka saita kafin ka fara magana, kana gamawa ya fice daga madubi, Mai Gari ya sunkuya da babbar riga ya ga duhu. Sa babban ɗalibi ɗaya mai natsuwa ya tsaya a kai yana bin watan yayin da kake magana. Sannan kar kwaɗayin girma ya ja ka. Gilasan ido da ke zuwa da madubin akwai lamba a jikinsu, a jikin bututun ma akwai tasa, raba ta bututun da ta gilashin shi ne ninkin girman. Madubi mai 700mm da gilashi 25mm ya ba ka ninki 28, watan gaba ɗaya ya shiga har da sauran fili, ya daɗe bai fita ba. In ka sa 10mm ninki 70 ne, ramuka sun fi fitowa amma sai ana saiti bayan kowane yaro biyu ko uku. Na 4mm kuwa ninki 175, a ƙaramin madubi dishi dishi ne da rawa kawai, bar shi a kwali. Zagayen farko da 25mm, waɗanda suka nace suka tsaya har ƙarshe a saka musu 10mm.

Ƙaramin madubin saiti da ke manne a sama kuma da la'asar ake daidaita shi, a juya wa rana baya, a auna kan ƙarfen sabis mai nisa har abin da ke tsakiyar ƙaramin ya zama shi ne a tsakiyar babban. In ba a yi ba za ka yi ta lalube cikin dare jama'a na kallonka.

Abu ɗaya da ake mantawa a faɗa: hoton yakan zo a kife, ko dama ta koma hagu, ya danganta da irin madubin. Shi ya sa a jawabi ba a cewa "duba sama ta hannun dama", yaro zai duba can ya rasa. Ce masa ya bi layin haske da duhu, wannan ko ta ina aka juya yana nan. Masu zuwa da waya kuma a roƙe su su bari sai layi ya ƙare, ɗaukar hoto ta bakin gilashi yana cin minti biyu uku ga mutum ɗaya kuma su ne ke ture saitin. Ka ware musu kwata ɗin ƙarshe, ka riƙe musu madubin da kanka.