Yadda ake ɗaure jirgin ruwa da igiya

Mu nan Damagaram ba kogi gare mu ba, amma duk wanda ya je tafkin Gidimuni ya ga masunta da jiragensu, kuma igiyar ɗaya ce da ta tumakinmu. Ƙulli biyu sun ishe ka.

Na farko Turawa na ce mashi bolin, zobe ne da ba ya zargewa. Ka bar kamar kamu biyu daga bakin igiya, ka murɗa ta ka yi ɗan ƙaramin ido, ɓangaren bakin ya hau sama. Sai ka turo bakin ta cikin idon daga ƙasa, ka zagaya da shi bayan doguwar igiyar, ka maido shi cikin idon nan dai inda ya fito, ka ja. Shi ake sa wa a hancin jirgi ko a jefa wa wanda ya faɗa ruwa, don komi nauyi ba ya shaƙewa. Amma fa in jirgi na jan shi ba ya kwantuwa, sai ka sassauta.

Na biyu na turke ne, kulob hic. Zagaya turken sau ɗaya, ka haye kan igiyar ka sake zagayawa, ka cusa bakin ƙarƙashin zagaye na biyun. In ka ga layi biyu da guda ya gitta kansu, ya yi. Wannan na tsayawar minti kaɗan ne, in iska na kaɗa jirgi yana sulluɓewa, balle igiyar leda. Ni dai in zan bar jirgi ya kwana, bolin nike zurawa a turken.