Yadda ake binciken sunan kamfani: bakin masu shi, ran masu saye da iƙirarin abokan gasa

Sunan kamfani ba tambarin da ke jikin kwali ba ne kawai. Shi ne abin da yake faɗo wa mutum a rai da ya ji an ambaci kamfanin, kuma wannan abin ba kasafai yake dacewa da abin da masu kamfanin suke zato ba. A shekarar 2005 kamfanin ba da shawara na Bain ya tambayi kamfanoni 362, kashi 80 cikin ɗari suka ce suna yi wa abokan cinikinsu hidimar da ta fi ta kowa. Da aka koma wurin abokan cinikin, kashi 8 cikin ɗari na kamfanonin ne kawai aka shaida wa hakan. Aikin mai bincike shi ne ya gano inda wannan tazara take a kamfani guda, ya kuma auna ta.

Don a ga aikin a fili, mu ɗauki misalin kamfanin kai saƙonni da ƙananan kaya, wanda ya shekara takwas yana aiki, takensa kuma a kan sauri yake. Ciniki bai faɗi ba, amma ya tsaya cak. Alƙaluman da za su zo na misali ne.

Mataki na farko: ka ji daga masu shi, ɗaya bayan ɗaya

Kada ka tara su a ɗaki guda. In shugaba ya buɗe baki, sauran sai gyaɗa kai. Ka zauna da mutum shida zuwa takwas, kowanne shi kaɗai, minti talatin zuwa arba'in: wanda ya kafa kamfanin, shugaban sashen talla, shugaban sashen sayarwa, da kuma aƙalla mutum biyu da suke haɗuwa da masu saye kullum, kamar mai amsa waya da direban da ke kai kaya. Waɗannan biyun su ne aka fi mantawa da su, alhali su ne suke shan ƙorafi da zafinsa.

Tambayoyi huɗu sun isa, kuma iri ɗaya za ka yi wa kowa. Me muka yi wa mai saye alkawari? Wa muke sayar wa, wa kuma ba namu ba ne? In mun rufe gobe, me mutane za su rasa? Waɗanne kalmomi uku kake so a faɗa game da mu a bayan idonmu? Ka rubuta amsa yadda aka faɗe ta, kada ka gyara.

Sai ka tattara abin da kamfanin ya riga ya faɗa a rubuce cikin wata goma sha biyu da suka wuce: shafinsa na intanet, tallace-tallace, rubutun jikin motoci, rasit, har saƙon ban haƙuri da ake tura wa wanda kayansa suka makara. A misalinmu, mutum biyar cikin bakwai sun ce “sauri”, mai amsa waya ta ce “muna nemo wa mutum kayansa”, direba ya ce “ba ma fasa kaya”. Tun kafin ka fita daga harabar kamfanin ka samu tsaga ta farko: na sama da na ƙasa ba waƙa ɗaya suke rerawa ba.

Mataki na biyu: masu saye, kuma a nan aikin yake

Kuskuren da ya fi lalata bincike shi ne barin kamfani ya zaɓo maka waɗanda za ka tambaya. Zai ba ka masoyansa, kowa ya yabe shi, a tashi ba a koyi komai ba. Ka karɓi cikakken jerin sunaye ka zaɓa da kanka daga rukuni uku: masu dawowa a kai a kai, waɗanda suka taɓa saye suka daina, da waɗanda suka tambayi farashi suka tafi wani wuri. Rukuni na biyu ya fi wuyar samu, ya kuma fi daraja, domin wanda ya tafi ba ya jin nauyin kowa.

Mutum nawa? Wani nazari da masu bincike Guest da Bunce da Johnson suka wallafa a 2006 ya nuna cewa cikin hirarraki 60 da suka yi, kusan duk muhimman batutuwan sun riga sun fito a hira 12 na farko. Sharaɗin shi ne mutanen su kasance iri ɗaya. Don haka ka nufi kimanin 12 a kowane rukuni, ka tsaya idan hira uku a jere ba su kawo sabon abu ba. Gara kuma mai hirar ya zama ba ma'aikacin kamfanin ba ne. Mutane ba sa son kushe abu a gaban mai shi.

Yadda ake tambaya ya fi yawan mutanen muhimmanci. Kada ka ce, “Kana ganin muna da sauri?” Ka sa masa magana a baki, zai ce e don a rabu lafiya. Ka ce, “Ba ni labarin karo na ƙarshe da kika aika kaya. Me ya faru daga farko?” Ko, “In ƙawarki ta tambaye ki wa za ta ba kayanta, me za ki ce mata game da waɗannan?” Labari yana fito da abin da aka ji a rai, ra'ayi kuwa sau da yawa ladabi ne. Idan mutum ya ce “suna da kirki” ko “ba laifi”, kada ka rubuta ka wuce. Tambaye shi me suka yi da ya sa ya ce haka. Daga bakin wata mai sayar da kaya ta intanet kana iya jin: “Ranar da kwalina ya ɓace, na kira sau ɗaya, mutum ya ɗauka, kafin yamma ya kira ni da kansa.” Wannan jimla ta fi “suna da kirki” ɗari amfani.

Bayan hira sai ƙirge. Ka ware kalmomi takwas zuwa goma da suka fi maimaituwa, daga bakin masu kamfani da na masu saye duka, ka sa su a gajeriyar takardar tambayoyi, inda kowa zai nuna kamfanin da kowace kalma ta fi dacewa da shi, naku ko na abokan gasa. Ka san iyakar alƙalumanka: da amsa 100, kuskuren ƙiyasi yana kai wa maki 10 sama ko ƙasa, da amsa 400 yana sauka zuwa kusan maki 5, muddin ba son rai aka yi wajen zaɓen mutanen ba. Saboda haka bambancin kashi 44 da kashi 49 a amsa 100 ba labari ba ne, kada a gina shawara a kansa. Akwai kuma shahararriyar tambayar da masanin harkar kasuwanci Fred Reichheld ya fito da ita a 2003, wadda ake cewa mutum ya ba da maki daga 0 zuwa 10 kan ko zai tallata kamfanin ga abokinsa. Tana ba da lamba, ba ta ba da dalili, don haka kada a bar ta ita kaɗai.

Sharhin da mutane suke rubutawa a intanet ka karanta shi, amma da lura. Wanda ya fusata ƙwarai da wanda ya ji daɗi ƙwarai ne suka fi rubutu. Na tsakiya, waɗanda su ne mafi yawa, sun yi shiru.

Mataki na uku: abokan gasa

Masu saye ne za su gaya maka su waye abokan gasar, ba masu kamfani ba. Tambaya ɗaya ce: “Da ba ka ba su ba, wa za ka ba?” Wani lokaci amsar ba kamfani ba ce ma, mutum ya ce da kansa zai kai. Ka ɗauki uku zuwa biyar da aka fi ambata, ka kwafe babban alkawarin kowanne kalma da kalma, da hujjar da ya kafa a kai, in akwai. Sannan ka goge sunaye da tambura, ka haɗa har da na kamfanin da kake bincika, ka miƙa wa ma'aikatansa su nuna nasu. In sun kasa, alkawarin na kowa ne. A misalinmu huɗu cikin abokan gasa biyar sauri suke tallatawa, ɗaya kuma arha.

Mataki na huɗu: jera su a shafi guda

Ka ja teburi, kalmomin nan a gefe, ginshiƙai uku a sama: masu shi, masu saye, abokan gasa. Kowace kalma za ta faɗa ɗaya daga cikin gidaje kaɗan, kuma kowane gida da maganinsa.

Sauri: masu kamfani suna faɗa, abokan gasa huɗu suna faɗa, masu saye 3 kacal cikin 36 suka ambata da kansu. Wannan ba ya nufin kamfanin ba shi da sauri. Yana nufin sauri ya zama kuɗin shiga kasuwar, kowa sai ya biya, ba ya bambanta kowa da kowa. A ci gaba da yin sa, a daina kashe kuɗin talla a kansa.

Samun mutum a waya idan matsala ta taso: masu saye 19 cikin 36 sun kawo shi ba tare da an tambaye su ba, babu abokin gasar da yake iƙirarinsa, shugabannin kamfanin kuwa ba su ma san abin alfahari ba ne. Wannan shi ne gidan da ake nema. Amma kafin a ɗora take a kai, a duba littafin kira: kashi nawa ake ɗauka, cikin daƙiƙa nawa, kuma tsari ne ko ƙoƙarin ma'aikata biyu ne da za su iya barin aiki gobe? Alkawarin da ya rataya a wuyan mutum biyu zai karye da zarar talla ta ninka masu kira.

Gida na uku ya fi ɗaci. Cikin mutum 12 da suka daina, 8 sun ce kayansu sun makara ba wanda ya sanar da su, alhali an yi musu alkawarin yini ɗaya. Nan ba matsalar talla ba ce, ta aiki ce, kuma sabon tambari ba zai taɓa ta ba. Masu kamfani da yawa a daidai nan suke karkata zuwa canza launi da zane, domin ya fi sauƙi a kan gyara sashen kai kaya. Shi ma canza tambarin yana da haɗarinsa: kamfanin tufafi na Gap ya canza tambarinsa a watan Oktoban 2010, masu saye suka yi ca, ya koma tsohon cikin kusan mako guda.

Rahoton kada ya wuce shafi biyu ko uku: teburin, jimloli biyar zuwa shida daga bakin masu saye ba tare da sunayensu ba, da shawara uku, kowacce da wanda zai ɗauke ta da ranar da za a duba. A namu misalin: saƙon sanarwa ga duk wanda kayansa za su makara, auna amsa waya na wata uku, sannan a gwada sabon take a kan wani ɓangare na masu saye kafin a sake fentin motoci. Ka adana tambayoyin yadda suke, domin bayan wata goma sha biyu da su za a sake aunawa. In an sauya ko da kalma ɗaya, sakamakon bana ba zai kwatantu da na bara ba.