Matakan Zaɓen Man Shafawa Mai Rahusa Wanda Ba Ya Ƙona Fata

Kafin ki sayi man shafawa a Kasuwar Sabon Gari, ki juya kwalin ki karanta jerin sinadarai da ke ƙarƙashin kalmar Ingredients. Idan babu jerin, ko kuwa haɗin gida ne da aka zuba a roba, ki ajiye shi.

Daga nan ki duba ko akwai waɗannan sunaye uku da ya kamata ki guje wa. Hydroquinone yana hasken fata da farko, amma idan aka daɗe ana shafa shi yakan bar baƙin tabo a kumatu wanda ke da wuyar magani. Clobetasol, da ɗan'uwansa betamethasone, magani ne na likita wanda ke siranta fata har jijiyoyi su bayyana, kuma nankarwa ta fito. Na uku shi ne mercury, wanda wani lokaci ake rubutawa calomel, kuma shi ne ya fi tayar mini da hankali domin yana lalata ƙoda.

Bayan haka ki duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa. Man da ke ɗauke da glycerin, petrolatum ko man kaɗanya ya isa ya kare fatarki daga bushewar hunturu, kuma ba shi da tsada. Ki gwada kaɗan a cikin dantse na kwana biyu, idan ya yi ƙaiƙayi ki daina.