Yadda ake rubuta rahoton kashe kuɗin tallafi

Salam jama'a, tambayar yadda ake rubuta wa masu tallafi rahoton kashe kuɗinsu ta yi yawa, to ga yadda nake yi.

1. Ɗauko bajet ɗin da masu tallafin suka amince da shi, wanda aka sa wa hannu.

2. Jera rasit da takardar banki wata-wata.

3. Fara wasiƙar rahoton da lambar tallafin, watannin da rahoton ya shafa, nawa ya shigo, nawa aka kashe, nawa ya rage.

4. Ja tebur: abin da aka ware, abin da aka kashe, bambanci.

5. Duk layin da ya canza ka faɗi dalili da lissafi. Misali kun ware naira 400,000 na mota amma kun kashe 520,000, ka ce bajet ɗin an yi shi ne kafin cire tallafin mai a Mayu 2023, ƙarin 120,000 ɗin kuma daga kuɗin hayar hol ya fito tunda makaranta ta ba ku aji kyauta.

Hattara, nan ake faɗawa rami! Wannan ƙarin kashi 30 ne cikin ɗari, da yawa masu tallafi in canji ya wuce kashi 10 sai ka nemi izini a rubuce tun kafin ka taɓa kuɗin, don Allah duba yarjejeniyarku.

6. In dala aka turo, rubuta farashin da banki ya canza muku a ranar, kar ka sa na 'yan canji.

7. Ragowar kuɗi ka faɗe ta, ka tambaya a mayar ko a ci gaba da aiki da ita.

8. Ma'aji da shugaba su sa hannu, a haɗa kwafin rasit a tura.