Kurakuran da aka fi yi wajen bitar kalmomi a kan ƙa'idar tazara

Wanda ya ɗauki Anki, manhajar da take maimaita wa mutum katunan tambaya da amsa tana ƙara tazara tsakanin bita da bita, domin haddace kalmomin Larabci yakan ji daɗin makon farko, saboda katunan ba su da yawa kuma duk abin da aka tambaye shi yana nan a ransa. Matsalar takan bayyana ne a mako na uku, kuma asalinta lamba ɗaya ce da mutane ba su cika dubawa ba. Manhajar tana zuwa ne a saite kan sababbin katuna 20 a kullum, wato katuna 420 a cikin mako uku, kuma kowane ɗayansu zai riƙa dawowa: idan ana amsa shi daidai, zai dawo bayan kwana ɗaya, sannan bayan kwana uku, sannan bayan kamar mako guda, sannan bayan kusan mako uku. Idan aka ci gaba a haka, bitar kullum takan kai wajen katuna 200, wanda a kan daƙiƙa goma ga kowane kati ya haura rabin awa.

A ce tafiya ko biki ya hana mutum buɗe manhajar kwana huɗu. Zai dawo ya tarar da ɗaruruwan katuna suna jiransa, kuma a nan ne da yawa suke yin kuskure na biyu, su goge komai su fara daga farko, alhali mafi yawan waɗannan kalmomin ba su gama gushewa daga ƙwaƙwalwa ba. Gyaran shi ne a shiga saitin katunan a mayar da New cards/day, wato adadin sababbin katuna a kullum, zuwa 0, a riƙa biyan bashin kaɗan-kaɗan har ya ƙare, sannan a dawo da lambar zuwa 8 ko 10. A ganina, mai aiki ko ɗalibin da yake da wasu darussa bai kamata ya wuce goma ba.

Lokacin da aka sa wa tunatarwar waya ma yana da hannu a taruwar bashin. Wanda ya sa ta ƙarfe biyu na rana, yana tsakiyar kasuwa ko aji, zai share ta ne da yatsa ya ce sai an jima. Gara a ɗaura ta da wani abu da ba ya sauyawa, kamar bayan sallar asuba, lokacin da gida bai riga ya tashi ba.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa yana wajen maɓallan amsa, wato Again, Hard, Good da Easy, waɗanda da su ake nuna wa manhajar ko an manta kalmar, ko an tuna da ƙyar, ko daidai, ko cikin sauƙi. Mutum zai ga kalma, ya kasa tuna ma'anarta, ya buɗe amsar, ya ce a ransa ai dama na sani, sai ya danna Hard. Manhajar tana ɗaukar Hard a matsayin an tuna, sai dai da ƙyar, don haka maimakon ta rage tazarar sai ta ƙara ta. A tsohon tsarin lissafinta, wanda ya samo asali daga SM-2 da Piotr Woźniak ya tsara a 1987, katin da yake da tazarar kwana 10 zai koma kamar kwana 12, ga kalmar da ba a tuna ba tun a kwana na goma. Ana gane wannan cuta ne idan kalmomi suna fitowa kamar ba a taɓa ganinsu ba, alhali manhajar tana nuna an daɗe ana cin su. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a faɗi amsar da baki kafin a buɗe, idan ba ta fito ba ko ta fito a karkace, Again ne.

Wani lokaci kuma laifin na katin ne kansa. Anki tana yi wa katin da aka kasa tunawa sau takwas alamar leech, kuma idan aka duba irin waɗannan katunan sau da yawa kalmomi ne masu kama da juna da aka shigar rana ɗaya, kamar asha', abincin dare, da isha', lokacin lisha, waɗanda wasalin farko kaɗai ya raba su. Maimaitawa ba za ta warware wannan ba. Sai a jingine ɗaya har ɗayar ta zauna, sannan a sake rubuta katin da gajeriyar jimla da sanya wasulla a fili. Haka nan katin da aka rubuta kitab, wato littafi, shi kaɗai bai cika ba, domin jam'in Larabci sau da yawa ba ya bin ƙa'ida ɗaya, kuma wanda ya san kitab bai san kutub ba zai tsaya cik ranar da ya gamu da shi a rubuce. Jam'in yana buƙatar katinsa daban, wanda ya kamata a shigar bayan kwana biyu ko uku da shigar da tilon.