Takardar shaida ga yaron awo: inda iyayen gida ke ɓata wa yara dosiye

Kusan duk wata sai wani abokin sana'a ya kawo mini takardar shaidar da ya rubuta wa yaronsa mai neman rajistar ƙwararren mai awon fili, ya ce in duba kafin a aika Yamai. Kuskuren farko kullum ɗaya ne, kuma na gaji da ganinsa, don ni ma ya taɓa ci mini yaro.

Takardar farko da na rubuta nan Damagaram, yabo na cika ta da shi: mai ladabi, mai haƙuri, ba ya makara, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Duk gaskiya ne. Amma dosiyen bai wuce ba, yaron ya ƙara shekara guda ana biyansa kuɗin mai riƙe sanda, alhali shi ke tsayawa bayan na'ura. Ranar da ya ce mini, "Maigida, me na rage ban yi ba?" ban sami amsa ba, don ragin nawa ne. Masu duba dosiye ba surukai ba ne da za a je musu da labarin hali. Abin da suke nema su sani shi ne: in aka bar wannan yaro shi kaɗai a fili, awonsa zai tsaya gaban alƙali?

Yanzu nakan zaɓi aiki biyu ko uku kawai, kowane in faɗi wurin, girman filin, na'urar da aka yi aiki da ita, abin da yaron ya yi da hannunsa, da yadda awon ya rufe. Ga yadda na rubuta wa wani a kan gona mai hekta 4 a hanyar Mirya. Na ce shi ya kafa tashoshi shida zagaye da gonar, ya ɗaure su da maki biyu sanannu a tsarin WGS 84 / UTM 32N, wanda Damagaram ke ciki. Jimlar kusurwoyin ciki ta tashoshi shida 800 girad ce, a ma'aunin da cikakken zagaye yake 400, kuma na rubuta tazarar da ya samu tsakanin awonsa da wannan jimla tare da iyakar da muke yarda da ita. Sai babban abin: da yamma ya ga duk tsawon da ya auna ya karkace da milimita 30 daidai, ya gane an saka wa na'ura lambar wani madubi daban, ba ta wanda ke kan sandar da na'ura ke haskawa ba, ya koma washegari ya sake awon, bai gyara lambobi a kan tebur ba. Wannan labarin ya fi mini kalmar "ƙwararre" sau goma. Mai dubawa ya san duk mai awo na kuskure, yana so ya ga wanda ke kama nasa.

Kuskure na biyu ya fi muni, kuma a nan zan yi faɗa. Kada ka ɗora wa yaro aikin da bai yi ba! Na ga takardar da aka ce yaro shi ya jagoranci yankan filayen unguwa guda, alhali madubi ya riƙe wata biyu cikin rana. Kana ganin taimakonsa ka yi, amma in aka zaunar da shi aka ce ya bayyana yadda ya dasa turakun siminti daga fulan, zai yi shiru, kuma hannunka da hatiminka ne a ƙasan takardar. Daga ranar duk yaron da ya zo da shaidarka sai an yi masa kallon biyu. Ni nakan raba kalmomi uku, ba na haɗa su: "ya taimaka", "ya yi ina duba shi", "ya yi shi kaɗai". Kafin in rubuta sai na sa yaron ya kawo littafin filinsa mun buɗe tare, don ƙwaƙwalwa takan ƙara gishiri.

Aikin karkara kuma, ku faɗi yadda ya zauna da mutane. Wanda ya tara maƙwabta da mai gari da wakilin hukumar filaye kafin ya dasa turke, ya sa kowa ya ga iyaka da idonsa, ya san abin da na'ura ba ta koyarwa. Layi biyu sun isa, amma a faɗi ƙauyen.

Sauran ƙanana ne. Ka sa ranar da ya fara aiki a hannunka da ranar da ya gama, kada ka ce "shekaru da dama". Sunansa ya zama daidai da na takardar haihuwa da difloma, don Mamman a nan, Mahamadu a can, yakan tsayar da dosiye. Ka faɗi matsayinka da lambar rajistarka. Kada ka bar yaro ya rubuta wa kansa ka sa hannu kawai. Ni shafi guda da rabi nake yi, kuma nakan ajiye kwafi cikin jakar aikin da na ambata, don in aka kira ni a waya in buɗe fulan ɗin a gabana.