Kurakuran da Ke Cinye Data Alhali Sabis Ma Ja Yake Yi

Ƙorafin kullum ɗaya ne: "Na kunna Data Saver, sabis ɗin ma ja yake yi, amma gigabait ɗaya bai kwana biyu ba." Mai wannan magana ya haɗa zato biyu ne, kuma duka biyun kuskure ne.

Mu fara da maganar jan sabis. Jinkiri ba ya rage kuɗin kaya, lokacin isowarsu kawai yake ƙarawa. Fayil mai MB 100 zai ci MB 100, ko a minti ɗaya ya sauka ko a awa ɗaya. Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe a ka: saurin layi da bit ake auna shi, data kuwa da bait ake sayar da ita, kuma bit 8 ne bait 1. Layin da ke tafiya a 500 kbps, wato bit dubu 500 a daƙiƙa, wanda kowa zai ce ya mutu, yana zubar da MB 3.75 duk minti, wato MB 225 a awa. Ka bar shi yana aiki ba tsayawa, GB 1 zai ƙare cikin awa huɗu da rabi. Tulu mai ɗigo ma yakan wayi gari a bushe.

Shi kuwa Data Saver na Android, wanda ya zo da Android 7 a 2016, aikinsa takaitacce ne: yana hana manhajojin da ba ka buɗe ba amfani da data a ɓoye. Wadda ke buɗe a gabanka ba ya hana ta. Yakan sanar da ita cewa ana tsimi, ita kuma ta ga dama ta rage, ta ga dama ta yi biris. Low Data Mode na iPhone ma kusan haka yake. To wanda ya kunna wannan maɓalli sannan ya kwanta yana jan gajerun bidiyo da yatsa awa biyu, me ya tsimta? Ya kulle taga ne ya bar ƙofa a wangale. Irin waɗannan manhajoji suna sauke bidiyon gaba tun kafin ka iso shi, don haka har wanda ka tsallake a daƙiƙa biyu ka biya wani ɓangarensa.

Gyaran a cikin kowace manhaja yake. Shiga saitin waya inda aka nuna datar da kowace manhaja ta ci, ka ɗauki ukun farko kawai, sauran ba su kai a ɓata musu lokaci ba. A YouTube, cikin Video quality preferences, zaɓi Data saver, ka kuma kashe Autoplay. Kada ka bar ingancin hoto a Auto, domin da zarar sabis ya ɗan farfaɗo sai ya haye da kansa ba tare da ya tambaye ka ba. A WhatsApp, shiga Storage and data, ƙarƙashin When using mobile data ka cire alamar komai, har hotuna. Sannan a saitin Data Saver na waya ka leƙa Unrestricted data, jerin manhajojin da aka yi wa uzuri. Ni dai ta aika saƙo kaɗai nake bari a ciki. Masu neman Lite mode a Chrome kuma su huta, an cire shi tun 2022.

Akwai wani kuskuren da ya fi waɗannan tsada, kuma waɗanda ke ganin sun waye ne suka fi tafka shi: ɗaukar cewa sauke abu don kallo daga baya tsimi ne a kan kansa. Ba haka ba ne. Bidiyon da ka sauke da datarka ya ci abin da kallonsa sau ɗaya zai ci a wannan ingancin. Riba tana zuwa ne ta hanya biyu: ko dai za ka kalle shi fiye da sau ɗaya, ko ka sauke shi a kan Wi-Fi da ba na aljihunka ba. Wanda ya sauke darasi goma ya kalli uku, ya zubar da kuɗin bakwai, haka kawai.

Ga kuma abin da jan sabis ke ƙarawa a kai. Ɗauki fayil mai MB 400 a kan wannan layi na 500 kbps. Zai ɗauki kusan awa ɗaya da minti 47, kuma da wuya raunannen sabis ya yi tsawon wannan lokaci bai yanke ba. A ce ya yanke a kashi 80 cikin ɗari. MB 320 sun riga sun fita daga asusunka. Idan shafin da kake saukewa daga gare shi yana yarda a ɗora daga inda aka tsaya, babu asara. Idan ba ya yarda, ko adireshin fayil ɗin mai wa'adi ne kuma ya ƙare, sai a koma sifili, fayil ɗin MB 400 ya tashi a MB 720. Ya sake yankewa a wuri ɗaya, ka haura GB 1 kafin fayil ɗin ya kammala. Amma sai ka ga mutum yana ta danna Retry cikin fushi kamar kyauta ne!

Gwajin ba shi da wuya. Bari MB 5 su sauka, danna Pause, jira minti ɗaya, sannan Resume. Ya ci gaba daga 5, bismillah. Ya koma 0, soke shi nan take, ka jira Wi-Fi. In akwai maɓallin saukewa a cikin manhajar kanta, shi ya fi burauza, domin galibi yana ɗorawa daga inda aka tsaya. Abu ɗaya-ɗaya za ka riƙa saukewa: guda huɗu a lokaci guda raba siririn layin suke yi, kowanne ya daɗe a hanya, yankewa ɗaya ta same su duka a tsakiya. Ka kuma duba girman kafin ka taɓa. A allon waya, 360p ya ishi mai magana a gaban kyamara. Sai in akwai ƙananan rubutu da za a karanta ne ake bukatar 720p.

Akwai wani tarko da ke kama har masu lura. Ka saita komai a kan "sai da Wi-Fi", sannan ka haɗa kwamfuta da Hotspot na wayarka, ko ka haɗa wayar da ƙaramar na'urar intanet mai layi a ciki. A wurin na'urar wannan Wi-Fi ne, sai duk abin da ke jira ya taso lokaci guda: sabunta manhajoji, tura hotuna ma'ajiya, da Smart downloads da ke sauke abin da ba ka nema ba. Alamarsa ita ce data na zuba alhali ba ka taɓa komai ba. A Windows kunna Metered connection a kan wannan haɗin, a Android kuma zaɓi Treat as metered, kuma ka yi hakan da zarar ka haɗa, ba bayan an aiko maka saƙon saura kaɗan ba.

Sauran ƙanana ne. Masu danna Clear cache kullum da sunan tsabta suna tilasta wa waya sake sauke hotunan da ta riga ta ajiye. Gwajin saurin intanet data yake ci, a daina maimaita shi. Idan kana saukewa a kan Wi-Fi mai rauni, kashe datar waya gaba ɗaya, kada ta koma kanta a ɓoye. Abin da aka sauke cikin manhaja kuma yakan zo da wa'adi, sai a buɗe shi a tabbatar yana aiki kafin a bar inda ake da Wi-Fi.